Lambar da Ba Ta Ganin Karyewar Kuɗi: VaR da Gwajin Matsi a Ƙasar Sefa

A manyan bankuna akwai sashen da ake kira teburin ciniki, inda ake saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashen waje, da takardun bashin gwamnati, da kwangilolin kaya irin su ɗanyen mai da auduga. Kowace yamma idan kasuwa ta tashi, jami'in kula da haɗari yakan fitar da lamba ɗaya ya aika wa shugabanni. A kan allon kwamfuta ana rubuta ta VaR. Amsa ce ga tambayar da kowane mai dukiya ke yi kafin ya kwanta: da abin da ke hannunmu yanzu, nawa za mu iya rasawa gobe? Al'adar ta yi ƙarfi ne a bankin JP Morgan na Amurka, inda shugabansa Dennis Weatherstone ya nemi a riƙa kai masa rahoto ɗaya da ƙarfe 4:15 na yamma. A 1994 bankin ya fitar da hanyar lissafin ga kowa da sunan RiskMetrics, a 1996 kuma kwamitin Basel mai tsara ƙa'idojin bankunan duniya ya yarda a yi amfani da ita wajen ƙayyade jarin da banki zai ajiye saboda haɗarin kasuwa.

Lambar tana da amfani, kuma ba zan rage mata daraja ba. Amma ga mu da ke Garwa, Marwa, Kuseri da Njamena, masu rayuwa tsakanin sefa da aka ɗaure da yuro da kuma naira da ke ƙetaren iyaka, tana da wani makanta na musamman. Haɗarin da ya fi kowanne iya karya mai kuɗi a wannan yanki shi ne wanda VaR ke nuna shi ƙarami, wani lokaci ma sifili.

Sai an fara fahimtar abin da lambar ke faɗa. Idan aka ce VaR na kwana ɗaya a matakin kashi 99 cikin ɗari ya kai sefa miliyan 35, ma'anarsa ita ce a cikin ranakun kasuwa ɗari, ana sa ran a 99 asarar ba za ta wuce miliyan 35 ba. A rana ɗaya da ta rage za ta wuce. Da nawa za ta wuce? Lambar ba ta ce komai ba. Mutane da yawa, har da wasu shugabannin da ake kai wa rahoton, suna karanta ta a matsayin iyakar asara. Ba haka ba ne. Ita ce mafi ƙanƙantar asarar da za a yi a mummunar rana.

Mu ɗauki misali na ƙirƙira, amma mu sa shi a ranar da ta faru da gaske. Wani banki ne mai rassa a arewacin Kamaru da Chadi, yana hulɗa da fatake masu kai shanu da albasa Najeriya suna dawo da kayan masarufi. Yammacin Talata, 13 ga Yuni 2023, littafin teburinsa na ɗauke da abubuwa uku. Yana riƙe da dalar Amurka da ta kai sefa biliyan 2. Yana da naira a wani banki na Najeriya da darajarta ta kai sefa biliyan 1 a farashin hukuma. Sannan ana binsa bashin yuro da ya kai sefa biliyan 5, wato kimanin yuro miliyan 7.6, wanda zai biya nan da wasu watanni.

Hanya mafi sauƙi ta lissafi ita ce a duba gwargwadon yadda farashi ya saba motsawa a rana. Tunda sefa a ɗaure take da yuro, duk motsin dala a kan sefa motsin dala ne a kan yuro, kuma mu ce wannan yakan kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari a rana. Naira fa? A wancan lokacin Babban Bankin Najeriya yana riƙe da farashin hukuma kusan wuri ɗaya a kan dala, yana barinsa ya ja ƙafa a hankali. Saboda haka a idon lissafi, naira da dala tafiyarsu ɗaya: idan dala ta hau a kan sefa naira ta hau, idan ta sauka ta sauka. Sai a haɗa su a ce biliyan 3 ne ke fuskantar motsi iri ɗaya. A ninka da rabin kashi, a sake ninkawa da 2.33, lambar da ke ba da matakin kashi 99 idan an ɗauka motsin farashi na bin tsarin da aka saba gani a ilimin ƙididdiga:

```
VaR = 3,000,000,000 × 0.005 × 2.33 ≈ 35,000,000
```

Bashin yuro bai shiga ba ko kaɗan. Tun ranar 1 ga Janairu 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, jiya da shekaranjiya da bara. Motsinsa sifili ne, kuma duk abin da aka ninka da sifili sifili zai bayar. Abu mafi girma a littafin, biliyan 5, bai ƙara ko sefa ɗaya a kan lambar ba.

Yawancin bankuna a yau sun fi son wata hanya, ta maimaita tarihi. Jami'in zai ɗauko farashin ranakun kasuwa 500 da suka wuce, kusan shekara biyu. Ga kowace rana zai tambaya: da motsin wannan rana zai sake faruwa gobe, da kayan da muke riƙe da su yau, nawa za mu ci ko mu rasa? Zai samu lambobi 500, ya jera su daga mafi muni zuwa mafi kyau. Kashi ɗaya na 500 biyar ne, saboda haka zai ƙirga daga ƙasa ya tsaya a ta biyar. Mu ce biyar ɗin sun fito haka, a miliyoyin sefa: 60, 47, 40, 37, 36. Ta farko za ta iya zama ranar 10 ga Nuwamba 2022, lokacin da dala ta faɗi da kusan kashi 2 a kan yuro bayan fitowar alƙaluman hauhawar farashi na Amurka. VaR ɗinsa miliyan 36 ne, kusa da abin da hanyar farko ta bayar. Hanyoyi biyu sun yi daidai, shugaba ya sa hannu, kowa ya tafi gida da kwanciyar hankali.

Washegari, 14 ga Yuni, Babban Bankin Najeriya ya saki naira. A kasuwar hukuma dala ta tashi daga kusan naira 470 ta rufe sama da 660. Wanda ke riƙe da naira ya rasa kimanin kashi 29 na darajarta kafin magariba. A littafin teburinmu, biliyan 1 ya koma kusan miliyan 710. Asarar miliyan 290 ke nan a yini ɗaya, ninki takwas na lambar da aka sa wa hannu jiya.

Ba kuskuren lissafi aka yi ba, kuma wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. An ninka daidai, an jera daidai. Matsalar ita ce VaR yana auna abin da ya gani a tagar kwanakin da aka ba shi, kuma kuɗin da hukuma ta riƙe da hannu ba ya nuna haɗarinsa a motsin yau da gobe. Yana tara shi ne. Duk wanda ya zauna a bakin Binuwai ƙasa da madatsar Lagdo ya san wannan: in ka auna kogin kullum da safe na tsawon watanni za ka ce ruwa ne mai ladabi, alhali abin da zai cinye gonarka yana can a tare bayan bango, ranar da aka buɗe ƙofofi kuma ba zai zo da kaɗan-kaɗan ba. Mai son sanin haɗarinsa sai ya je ya duba inda ruwan ya kai a bayan madatsa.

Kuma alamun suna nan a fili. A makonnin da suka gabaci wannan rana, 'yan canji na sayar da dala a wajen naira 750, hukuma na cewa 460 da 'yan kai. Duk ɗan canjin da ke Amchide ko Fotokol, ko mai kai kaya Mubi, da farashin kasuwa yake aiki. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa ana bukatar farashin canji guda ɗaya, kuma ranar 9 ga Yuni aka dakatar da gwamnan babban bankin, Godwin Emefiele. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya shiga jadawalin VaR, domin jadawalin farashin jiya kawai yake ci. Tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da na kasuwa ita ce ma'auni na gaskiya, kuma ɗan canjin da bai taɓa jin sunan Basel ba ya fi kwamfutar bankin sanin ta.

Akwai wani abin da ya fi wannan tayar da hankali. A ce teburin ya sake cike nairarsa ta koma darajar biliyan 1, aka sake lissafi da yamma. Yanzu ranar 14 ga Yuni ta shiga cikin kwanaki 500. Jerin ya zama 290, 60, 47, 40, 37. Ta biyar ita ce 37. Bayan girgiza mafi girma da teburin ya taɓa gani, VaR ya motsa daga miliyan 36 zuwa 37 kacal. Dalili kuwa shi ne lambar wurin tsayawa kawai take kallo, ba ruwanta da girman abin da ke bayansa. Ko da asarar ta kai biliyan guda, ta biyar tana nan 37.

Wannan rauni ne ya sa kwamitin Basel, a sabbin ƙa'idojin da ya fitar a 2016 ya kuma gyara a 2019, ya koma ga wani ma'auni da ake rubutawa ES, a matakin kashi 97.5. Maimakon a tsaya a bakin munanan kwanaki, sai a ɗauki matsakaicinsu gaba ɗaya. Idan muka yi haka da biyar ɗinmu don sauƙi, kafin girgizar matsakaicin miliyan 44 ne, bayanta ya kusa 95. Ya fi gaskiya, babu shakka. Amma a lura, ranar 13 ga Yuni shi ma 44 ya ce. Daga tagar nan ɗaya yake leƙe, kuma yuro a wajensa har yanzu sifili ne.

Ta yaya ake gane VaR ɗin teburi ya lalace? Akwai gwajin baya da ƙa'idar Basel ta tanada. Ana ɗaukar ranakun kasuwa 250 na shekara, a ƙirga sau nawa asarar gaske ta wuce lambar da aka yi hasashe. A matakin kashi 99 ana sa ran sau biyu ko uku. Daga sifili zuwa 4 ana cewa kore ne, 5 zuwa 9 rawaya, 10 zuwa sama ja, kuma da zarar an bar kore ana ƙara wa banki jarin da zai ajiye. Ƙwararren jami'i ba ya tsayawa a ƙirga kawai. Yana duba ko ƙetarewar ta zo a jere cikin mako ɗaya, domin hakan na nuna tsarin ba ya saurin jin canjin yanayi. Yana duba girman kowace ƙetarewa. Teburinmu zai iya gama 2023 a cikin kore da ƙetarewa biyu kacal, alhali ɗaya daga cikinsu ta cinye ribar watanni. Yana kuma zargin kayan da bai taɓa ƙetarewa ba ko sau ɗaya cikin shekaru, domin sau da yawa hakan na nufin farashin da ake shigarwa ba na kasuwa ba ne.

Haka nan lambar tana iya sauka ba don haɗari ya ragu ba, sai don an taɓa injin da ke fitar da ita. A Janairun 2012 wani sashe na JP Morgan ɗin nan, wanda ya yaɗa VaR a duniya, ya sauya tsarin lissafinsa a daidai lokacin da kayansa suka wuce iyakar da aka sa musu. Cikin dare ɗaya lambar ta sauko daga kusan dala miliyan 132 zuwa 66, kayan kuwa suna nan yadda suke. Daga baya bincike ya gano kurakurai a jadawalin kwamfutar, ciki har da inda aka raba da jimilla maimakon matsakaici. Asarar ta wuce dala biliyan 6. Duk ranar da VaR ya faɗi sosai ba tare da an sayar da komai ba, tambayar farko ita ce wa ya taɓa lissafin.

Nan ne gwajin matsi ke shigowa. Shi ba ya tambayar me ya saba faruwa. Ana zaɓar wani bala'i takamaimai, a ɗora shi a kan littafin yau, a ga abin da zai rage. Ba a damu da ko yana cikin kwanaki 500 da suka wuce ba. Teburan Landan da New York suna da jerin ranakun da suke maimaitawa: 19 ga Oktoba 1987 da hannayen jarin Amurka suka faɗi da sama da kashi 22 a yini ɗaya, Agustan 1998 da Rasha ta kasa biyan bashinta, kakar 2008 da manyan bankunan duniya suka shiga rikici, da Maris na 2020 da annobar korona ta girgiza kasuwanni. Mu a nan muna da tamu ranar, kuma dattawan kasuwa ba su manta da ita ba. Ranar 12 ga Janairu 1994, bayan taron Dakar, aka wayi gari faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Farashin da ya tsaya cak tun 1948 ya karye rabi cikin dare guda. Da ana lissafin VaR a Njamena ranar 10 ga wannan wata, da tarihin shekara 45 zai ba da sifili.

Mu ɗora 1994 a kan teburinmu. Kowane kuɗin waje ya ninka a sefa. Bashin yuro na biliyan 5 ya zama biliyan 10, asarar biliyan 5. Amma dala ta biliyan 2 ta zama 4, naira ta biliyan 1 ta zama 2, ribar biliyan 3. Abin da ya rage asarar biliyan 2 ce, sama da ninki hamsin na VaR. Sai ga shi gwajin ya juya hoton gaba ɗaya. A idon VaR dala ce haɗarin teburin, yuro kuma ba komai. A idon gwajin matsi dalar ce garkuwa, yuro ne ramin. Ɗan teburin da aka matsa wa ya rage VaR zai sayar da dalarsa ya riƙe sefa, lambar ta sauko, a yaba masa, alhali asararsa a ranar karyewa ta tashi daga biliyan 2 zuwa 4. Wannan shi ne haɗarin auna mutum da lamba ɗaya: zai bi lambar, domin a kanta ake yi masa hukunci.

Kada a fahimce ni a kan cewa ina hasashen za a karya sefa. Ɗaurin ya daɗe, yana da goyon bayan baitulmalin Faransa, kuma ya tsallake lokuta masu wuya. Lokacin da ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, ajiyar kuɗin waje ta BEAC, babban bankin da ke buga sefarmu, ta zube sosai, aka yi ta raɗe-raɗi, amma shugabannin CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa, da suka taru a Yawunde a Disambar 2016 suka ƙi karya kuɗin, suka nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Gwajin matsi ba duba ba ne. Tambayarsa ita ce idan abin ya faru, za mu rayu? Kuma kada a ce wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. Babban bankin Suwizalan ya riƙe kuɗinsa a 1.20 kan yuro tun Satumbar 2011, ya sake shi ba sanarwa ranar 15 ga Janairu 2015. Cikin mintuna faran ɗin Suwizalan ya yi tsalle da kusan kashi 30, wasu kamfanonin dillancin canji suka rushe, manyan bankuna suka yi asarar miliyoyin daloli a kan abin da tsarin lissafinsu ya ɗauka kusan marar haɗari.

Gwaji mai kyau ba ya motsa abu ɗaya ya bar sauran a tsaye, domin masifa ba ta zuwa ita kaɗai. A yankinmu zaren yakan fara ne daga mai. Chadi na fitar da man Doba ta bututun da ke zuwa Kribi tun 2003, Najeriya kuma kusan duk kuɗin wajenta daga mai yake. Idan farashinsa ya faɗi, ajiyar BEAC da ta Babban Bankin Najeriya suna raguwa tare, gwamnatoci na jinkirta biyan 'yan kwangila, 'yan kwangila na kasa biyan banki, takardun bashin gwamnati na rasa masu saye. Saboda haka ribar biliyan 1 da muka ba naira a gwajin 1994 abar tuhuma ce. Yanayin da zai kai ga karya sefa, da wuya ya bar naira a tsaye. A 2016 an ga haka, lokacin da dala ta tashi daga kusan naira 197 zuwa wajen 280 a rana ɗaya cikin Yuni, a daidai shekarar da sefa ke cikin matsi.

Sai batun fita. Ƙa'idar 1996 ta nemi VaR na kwana goma, kuma an yarda a same shi ta ninka na kwana ɗaya da 3.16, wato tushen goma. Miliyan 35 ɗinmu zai zama kusan 111. Amma a ƙarƙashin wannan akwai zato cewa cikin kwana goma za ka iya sayar da kayanka ka fita. Dala da yuro haka suke. Naira a asusun banki a 2022 da farkon 2023 ba haka take ba: kamfanonin jiragen sama na duniya sun yi watanni da ɗaruruwan miliyoyin daloli a maƙale a Najeriya sun kasa fitarwa a farashin hukuma. Mun kuma ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Kayan da ba ka iya sayarwa, haɗarinsa ba na kwana ɗaya ba ne, na duk tsawon lokacin da za ka zauna da shi ne.

Gwajin da na fi ganin amfaninsa shi ne wanda ake farawa daga ƙarshe. A ce jarin da bankin ya ware wa teburin, wanda in ya ƙare an rufe shi, sefa biliyan 1 ne. Sai a tambaya: me zai faru ya cinye wannan biliyan? Bashin waje biliyan 5, kadarar waje biliyan 3, giɓi biliyan 2. Idan kuɗin waje ya hau da kashi 50, wato yuro ya kai kimanin sefa 984, jarin ya ƙare. Ba sai an kai ga irin na 1994 ba, wanda hawan kashi 100 ne. Idan kuma naira ta riga ta faɗi da kashi 29, saura jari miliyan 710, giɓin ya faɗaɗa zuwa biliyan 2.29, sai hawan kashi 31 kawai ya isa, yuro a wajen sefa 860. Idan aka hana fitar da nairar gaba ɗaya, ita kaɗai ta kai girman jarin. Irin wannan lissafi yana ba shugaba abin da zai iya tunani a kansa. Ba a ce masa akwai yiwuwar kashi kaza ba, an ce masa ga farashin da in aka kai shi mun mutu, sai ya auna da saninsa na duniya ko farashin na nesa ne ko na kusa.

Gwajin matsi ma yana da nasa rauni, kuma babba ne. Mutane ne ke zaɓar bala'in, mutane kuwa sukan zaɓi wanda suka riga suka gani ko wanda littafinsu zai iya jurewa. Kafin 20 ga Afrilu 2020, tsare-tsare da yawa ba su ma da wurin shigar da farashin mai ƙasa da sifili, sai ga kwangilar man Amurka ta rufe a ƙasa da sifili da dala 37.63. Sannan sakamakon ba ya zuwa da yiwuwa a jikinsa, saboda haka yana da sauƙin watsarwa. Ɗan teburi zai ce shekara talatin ke nan ana wannan magana ba ta faru ba, kuma gaskiya ya faɗa. Bashin yuro ya fi na sefa arha, ribar da ake samu a tsakani tana shigowa kowane wata, mai gargaɗi kuma ba shi da abin nunawa sai takarda. A nan ne ake gane bankin da ya ɗauki abin da gaske: shin sakamakon gwajin yana da iyakar da in aka wuce dole a rage kaya, kamar yadda VaR ke da ita, ko kuwa shafi ne kawai a ƙarshen rahoton da ake aika wa COBAC, hukumar da ke sa ido a kan bankunan yankin?

Da teburinmu na da irin wannan iyaka, yammacin 13 ga Yuni zai bambanta. Da an rubuta nairar a farashin da za a iya fitar da ita da gaske, 750 maimakon 470, biliyan 1 ɗin zai bayyana a matsayin kusan miliyan 627, kuma da tun makonni kafin nan an daina tara ta, ko an biya fatake masu bukatar naira da ita. Da an cire ta daga rukunin dala an ba ta nata layi da nata gwajin faɗuwar kashi 30 zuwa 40. Bashin yuro kuma da an sa masa iyaka ta girma kai tsaye, a ce giɓin kuɗin waje kada ya wuce rabin jarin teburi ko da VaR ya ce sifili, sannan a cike sauran ta riƙe yuro ko sayensa tun yanzu a farashin da za a karɓa nan gaba. Wannan zai ci wani ɓangare na ribar kowane wata, kuma shi ne kuɗin da ake biya. VaR ɗin yamma zai ci gaba da aikinsa a kan dala, inda farashi ke motsi kullum a kasuwa mai zurfi kuma tarihin shekara biyu ke da abin faɗa game da gobe.